Garin Gyaran Gira: Yadda Aka Datse Labarin Bayajida a Takardar Ranar Hausa

Jama'ar Sabo, duk wanda ya halarci taron Ranar Hausa da aka yi a unguwarmu ranar 26 ga Agusta ya koma gida da 'yar takardar nan mai shafi huɗu. Mu ma mun karɓi tamu. Kafin mu ce komai, sai mun yaba wa samarin da suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka buga ta, domin mun san abin da maɗaba'a take caji a yau. Bugun ya fita tsaf, kuma an sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, abin da ba kasafai muke samu a nan Kurmi ba. Allah ya saka musu da alheri.

Amma akwai wani ɗan akwati a shafi na biyu da ya hana mu sakat, wanda aka yi wa take da asalin Hausawa. Mun ga yara suna haddace shi. Mun ji wata uwa tana cewa 'yarta za ta kai shi makaranta ta karanta wa 'yan ajinsu, waɗanda yawancinsu Yarbawa ne. To, a nan ne muka ga shiru ba zai yi ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, da yawansu ba su taɓa taka Daura ba, wasunsu ma Yarabanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Abin da suka karanta a wannan akwati, shi ke nan tarihin a wurinsu. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Ga abin da aka rubuta, ba mu taɓa ko harafi ba:

"Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne, jarumi mai ƙarfin zuciya da kwarjini, wanda babu kamarsa a zamaninsa. Ya zo ƙasar Hausa bisa farin doki, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya kafa garin Daura, ya auri sarauniya Daurama. Ya haifi 'ya'ya bakwai waɗanda suka kafa Hausa Bakwai. Sauran su ne Banza Bakwai, wato Yarbawa da makamantansu. Daga gare shi dukkan Hausawa suka fito. Don haka wajibi ne mu yi alfahari da wannan gwarzo, mu riƙe al'adunmu hannu bibbiyu."

Mun ƙirga, kalma 77 ce. Da muka tuntuɓi ɗaya daga cikin samarin, sai ya ce mana ai shafi biyu cur aka rubuto musu, mai bugu ya ce ba wuri, shi ne suka zauna suka rage. Ba mu ga laifinsu a kan ragewa ba. Mu kanmu a wannan mujalla kullum cikin ragi muke. Tambayar ita ce: me aka zubar, me aka bari?

Labarin da tsawonsa

Bari mu fara tuna wa juna labarin yadda aka fi ba da shi, domin ba a gane ragi ya yi kyau ko bai yi ba sai an san abin da aka rage.

An ce Bayajida, wanda wasu ke kira Abu Yazid, ya baro Bagadaza da rundunarsa ya sauka Borno. Sarkin Borno ya ba shi 'yarsa aure, amma daga baya zama ya yi tsami, aka raba shi da mayaƙansa, ya ga ransa na cikin haɗari, sai ya gudu da matarsa tana da ciki. Ya bar ta a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, inda ta haifi ɗa, shi ne Biram. Shi kuwa ya yi gaba, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa ba ruwa, domin akwai macijiya a rijiyar Kusugu, ana ce mata Sarki, ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya ajiye kan a wurinsa. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, ta yi alkawarin rabin gari. Masu ƙarya suka yi ta fitowa, amma ba mai kan. Da Bayajida ya kawo shi, sai ya ce shi ba rabin gari yake so ba, aurenta yake so.

Daga nan labarin ya rabu gida biyu. Daurama ta ba shi wata baiwa, Bagwariya, ta haifa masa ɗa ta sa masa suna Karɓagari. Ita ma Daurama daga baya ta haifi nata, ta sa masa Bawo, kamar dai tana mayar da martani, wato a dawo da garin. Bawo ya haifi 'ya'ya shida, waɗanda suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. In aka haɗa da Biram, sun cika bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma ita ake danganta wa ɗaya bakwai ɗin.

Wannan shi ne kayan. Yanzu mu duba ɗaurin da aka yi masa.

Inda wurin ya tafi

Abu na farko da ya ba mu mamaki, wanda ya ce ba shi da wuri ya kashe kalma 11 wajen kirari: jarumi, mai ƙarfin zuciya, mai kwarjini, babu kamarsa. Ya ƙara kalma 3 a kan farin doki. Ya rufe da kalma 15 na nasiha a kan alfahari da riƙon al'ada. In ka tara, kalma 29 ke nan cikin 77, fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta gaya wa yaro wani abu da ya faru. Mutumin da ya tunkari macijiya cikin dare shi kaɗai, ai ba sai an ce mana jarumi ne ba, aikin ya faɗa da bakinsa.

Mun gane dalilin da ya sa haka ke faruwa. Mai ragi yakan ji tausayin jimlolin da suka fi daɗin kunne, sai ya bar su, ya kai almakashi kan waɗanda suke kamar busassu, masu sunaye da lissafi. Alhali busassun nan su ne ƙashin labari. Duk wanda ya taɓa zama wurin masu ɗaurin goro ya san ana sa ganye ne don goro. Ba wanda zai zubar da goro don ganye ya samu wuri a huhu. A wannan akwati, ganyen aka ɗaure aka aika Arewa.

Kurakurai uku da almakashi ya haifar

Abin lura shi ne, ba mu tsammanin wanda ya rubuta shafi biyun farko ya yi waɗannan kurakurai. Wurin haɗe jimloli ne suka ɓullo, kuma wannan shi ne babban haɗarin taƙaitawa: kana cire gaskiya biyu, sai abin da ya rage ya manne da juna ya zama ƙarya.

Na farko, wai "ya kafa garin Daura". To, in shi ya kafa garin, wace sarauniya ya tarar, kuma su wa macijiyar ta hana ruwa? Jimlar ma da kanta ta ƙaryata kanta, tunda a numfashi ɗaya ta ce ya kafa gari ta kuma ce ya auri sarauniyarsa. Labarin Daura ya nuna mata sun daɗe suna sarauta kafin zuwansa, Daurama ce ta ƙarshensu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a share, don shi ne ma'anar labarin: daga kan Bawo sarauta ta koma hannun maza. Kalma ɗaya ce ta ɓata, an sa "kafa" inda ya kamata a sa "iso".

Na biyu, wai "ya haifi 'ya'ya bakwai". Mai ragi ya ga sunan Bawo, ya ga zancen Borno, ya ce waɗannan rassa ne, bari a sare. Da ya sare su sai ya ga lissafi bai cika ba, sai ya ɗinke da abin da ya fi sauƙi. Amma labarin bai ce haka ba. Ɗa ɗaya ne, Biram, da jikoki shida ta wajen Bawo. Ka ga ashe zancen Borno ba reshe ba ne, domin in babu shi ba inda Biram zai fito, Hausa Bakwai kuma ta zama shida. Ga ƙa'idar da muka koya a nan: kafin ka cire wani abu daga farkon labari, leƙa ƙarshensa ka gani ko akwai abin da ya jingina da shi. Maƙeran Gaya za su iya fita, ba abin da zai rushe. Ayana ma, duk da muna son ta, za ta iya fita. Matar Borno ba za ta fita ba.

Na uku, wai "daga gare shi dukkan Hausawa suka fito". Haba jama'a! Ita tsohuwar da ta ba shi guga fa, da maƙeran da suka yi masa wuƙa, da mutanen garin da suka taru bakin rijiya? Labarin na asalin gidajen sarauta ne, ba na asalin al'umma ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya sa Bagauda ɗan Bawo a matsayin sarkin Kano na farko, ana kuma lissafa farkon mulkinsa daga shekarar 999. Amma shi wannan littafin ya fara ne da mutanen da ke zaune a gindin Dala tare da shugabansu Barbushe tun kafin Bagauda ya zo. Ko'ina aka duba, baƙo yana tarar da mutane ne.

Kalma biyu da ba a taɓawa

Akwai kuma wani ragi da ba a ganinsa sai an lura. Duk tsohon da zai ba ka wannan labari, da "an ce" yake farawa, ko "wai". Mai ragi ya ɗauke su a matsayin cikon baki ya goge. Da gogewar, labarin baka ya rikiɗe ya zama kamar abin da aka gani da ido aka rubuta a ranar.

Ba a kuwa ba da shi iri ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo ruwayar da ta ce Bawo bawan sarkin Borno ne. Masana tarihi kuma sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajida mutum ne da ya rayu, ko kuwa labarin hanya ce ta bayyana sauyin da ya faru a tsarin sarauta. Ba muna cewa a zuba wannan muhawara cikin ɗan akwati ba, ba wurinta. Amma "an ce" kalma biyu ce tak, kuma tana ɗauke da nauyin wannan duka.

Wannan darasi ya wuce Bayajida. In aka kawo mana rahoton rigima a kara ko a tasha, aka rubuta "ana zargin wane da cin kuɗin ƙungiya", ranar da muka goge "ana zargin" don layi ya shiga, mun yanke wa mutum hukunci ke nan, kuma wataƙila mu kwana a ofishin 'yan sanda. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, su "an ce", "ana zargin", "kimanin", da "ba" ta korewa, su ne na ƙarshe da almakashi zai kusanta.

Jimlar da ta fi damunmu

Sai maganar Banza Bakwai. A jerin da aka fi sani akwai Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Jerin tsoho ne, har Baturen nan Heinrich Barth da ya ratsa Katsina da Kano a 1851 ya ji shi ya rubuta. Ba mu ce a ɓoye shi ba. Amma dubi yadda aka datse shi: cikin bakwai aka zubar da shida, aka bar sunan maƙwabtanmu kaɗai, aka manna masa kalmar da kowa ya san yadda take sauka a kunne. Zamfara da Kabi da Yawuri, inda iyayen wasunmu a nan Sabo suka fito, an cusa su cikin "makamantansu". Da an bar su, da mai karatu ya gane ba zagin wata ƙabila ake yi ba, rabe-raben tsofaffin masarautu ne kamar yadda masu labarin suka ɗauke su.

Ku tuna inda muke zaune. Da su muke ciniki, 'ya'yanmu na aji ɗaya, akwai auratayya tsakaninmu, kuma da yawansu suna jin Hausa sarai. Su ma suna da nasu labarin asali, na Oduduwa da Ile-Ife, kuma bai ce sun fito daga Karɓagari ba. Yarinyar da za ta miƙe a aji ta karanta wannan jimla, wa zai tsaya mata?

Abin da muke gani shi ne, akwai zancen da ba ya karɓar rabi. Ko dai a ba shi wurin da zai isa a kawo sunayen bakwai ɗin duka, a faɗi wanda ya yi rabon, a kuma ce su waɗanda aka ambata suna da nasu tarihin, ko kuwa a bar shi gaba ɗaya sai ranar da aka samu fili. A akwati mai kalma 77, barinsa ya fi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda za a yi shi a wuri ɗaya

Kada a ce mun iya suka ba mu iya gyara ba. Mun zauna da labarin, muka ajiye dogon rubutun gefe, domin mun lura wanda yake ragi yana bin layi yana gogewa shi ne yake faɗawa ramin ɗinki. Muka rubuta tambayoyin da yaro zai yi: wane ne, daga ina, me ya tarar, me ya yi, me ya biyo baya, wa ya faɗa? Muka amsa kowace da jimla ɗaya, sannan muka ƙirga. Ga abin da ya fito:

"An ce Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya biyo ta Borno, ya auri 'yar sarki, ta haifa masa Biram. Ya iso Daura ya tarar sarauniya Daurama na mulki, macijiya kuma ta hana ɗiban ruwan rijiyar Kusugu sai Juma'a. Ya kashe macijiyar, ya auri Daurama, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Da Biram suka cika Hausa Bakwai. Labarin baka ne na asalin sarautu, ba na dukkan Hausawa ba."

Ku ƙirga, ita ma 77 ce, ba ƙari ko ɗaya. Amma yanzu sunayen bakwai ɗin duk sun shiga, abin da akwatin farko bai kawo ko a jere ba. An san dalilin da ya sa kisan macijiyar ya zama abin a yaba, wato ƙishirwar gari. Bawo ya dawo, Borno ta dawo.

Mu ma sai da muka yi tuntuɓe. Da farko mun rubuta "ya kashe ta, ya auri Daurama". Da muka karanta da ƙarfi sai wani a cikinmu ya yi dariya ya ce, wa aka kashe, macijiyar ko sarauniyar? Mata biyu ne a jimlar da ta gabata, "ta" kuwa ba ta nuna wacce. Muka mayar da "macijiyar". In an matse labari, su "shi" da "ita" da "ta" sukan rasa mai su, don haka a riƙa karantawa a bayyane kafin a kai wa mai bugu.

Ba kuma za mu ɓoye asarar da muka yi ba. Mun rasa Ayana da gugarta, mun rasa maƙeran Gaya, mun rasa masu ƙaryar da suka kasa kawo kai, mun rasa gugar zanar da ke cikin sunayen Karɓagari da Bawo, wadda a wurinmu ita ce gishirin labarin. Taƙaitawa ba ta yiwuwa sai da asara. Bambancin kawai, wanda ya karanta namu daga baya ya ji cikakken labarin a bakin kakarsa, ƙari zai samu. Wanda ya haddace na farko kuwa, sai an fara kankare masa abin da ya haddace.

In ma wurin ya fi haka ƙanƙanta, a ce ƙarƙashin hoton rijiyar ne, ana iya sauka zuwa kalma 29:

"An ce baƙo Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniya Daurama. Ɗansa Biram da jikokinsa shida ta wajen Bawo su ne tushen sarautun Hausa Bakwai."

A nan Bagadaza ta tafi, sunayen garuruwa sun tafi, amma kalmar "baƙo" ita kaɗai ta riƙe cewa ya tarar da gari da mutanensa, lissafin ɗaya da shida kuma yana nan. Ƙasa da haka, mu dai ba mu ga yadda za a yi ba tare da an fara ƙarya ba. In mai bugu ya ce sai an ƙara ragewa, to a rage girman hoton.

Kafin baɗi

Shawararmu ga samarinmu guda ɗaya ce, kuma ba ta cin ko kwabo. In kun gama ragi, ku nemi yaro ɗan firamare wanda bai san labarin ba, ku ba shi ya karanta, ku karɓe takardar, sannan ku tambaye shi: wa ke mulkin Daura da Bayajida ya zo? Bakwai ɗin nan 'ya'yan wa ne? Mun gwada wannan da akwatinku a kan yara uku na gidanmu. Duka ukun suka ce Bayajida ne ya gina Daura, ɗaya ma ya tambaye mu ko abokinsa na aji ɗan banza ne. Muka rasa bakin magana.

Mun ji an ce akwai sauran takardun da ba a raba ba, kuma ana shirin kai su makarantun Islamiyya na unguwa. Muna roƙo a dakata. A buga gyararren akwatin a 'yar takarda a manna a kai, ko namu ko wanda ya fi namu. In kuna so, ku turo mana shafi biyun nan na asali, za mu nema musu wuri a fitowa ta gaba mu buga su yadda suke, har da Ayana da gugarta.